Kafin a Ba Mai Ɗakin Taro Kafin Alƙalami

A Kano da Kaduna da Zariya, daga watan Rajab zuwa ƙarshen Sha'aban, samun ɗakin taro ranar Asabar da yamma sai an yi da gaske. Kowa yana so ya aurar kafin azumi. Bayan ƙaramar Sallah ma haka, ga kuma watan Disamba, lokacin da 'yan makaranta suke gida, 'yan uwa na nesa kuma suka zo hutu. A irin wannan lokaci uwar amarya ko yayan ango kan shiga ofishin ɗakin taro a gaggauce, manaja ya buɗe littafinsa ya ce, "Hajiya, wannan ranar mutum biyu sun tambaye ta jiya, wanda ya fara ajiye kuɗi shi ke da ita." Nan take a tura kuɗi ta waya, a miƙo rasit mai layi uku: suna, adadin kuɗi, ranar biki. A ƙasa, da ƙananan haruffan Turanci, an buga cewa ba a mayar da kuɗi.

Wannan rasit shaida ce cewa kuɗi ya fita daga hannu ya shiga wani hannu, amma ba ta wuce nan ba. Ba ta faɗi abin da aka saya da kuɗin ba, ba ta kuma faɗi abin da zai faru da shi idan bikin bai yiwu a ranar ba. Kusan duk rigimar da ake yi tsakanin masu biki da masu ɗakin taro daga waɗannan gurabe biyu take fitowa. Ba sai ɗayansu ya kasance macuci ba. Mai ɗaki yana da abin da ya fahimta, mai biki yana da nasa, kowa ya tafi gida da nasa a zuci, sai ranar da abu ya taso a ga ashe ba abu ɗaya suka ƙulla ba.

Shawarata ita ce a rubuta takarda, shafi ɗaya ko biyu, kafin a tura ko sisi. Bayan kuɗi ya shiga asusun mai ɗaki, bakin mai biki ya mutu. Abin da ya rage masa roƙo ne. Kafin nan kuwa shi ake nema.

Wane irin kuɗi ne ka bayar?

Da bakinmu duk kuɗin da aka fara bayarwa kafin alƙalami ne. Doka kuwa tana raba shi gida biyu, kuma bambancin yana da nauyi. A tsarin dokar kwangila da kotunan Najeriya suka gada daga Ingila, akwai kuɗin da ake bayarwa a matsayin jinginar cewa da gaske ake, wanda ake rubutawa difozit a rasit. Idan wanda ya bayar ya janye ba tare da laifin ɗaya ɓangaren ba, asali shi ne kuɗin ya tafi. Akwai kuma kuɗin da yake wani ɓangare ne kawai na farashi, an biya shi tun da wuri. Wannan asalinsa yana komawa ga mai shi idan ciniki ya rushe, sai dai wanda aka janye wa ya nemi diyyar asarar da ya yi a zahiri. Manaja kan rubuta wanda ya zo bakin alƙalaminsa, mai biki kuma bai duba ba, alhali a kan wannan kalma ɗaya za a yi jayayya.

Rubutun nan na "ba a mayar da kuɗi" shi ma ba shi ne ƙarshen magana ba. Dokar tarayya ta gasa a kasuwanci da kare haƙƙin masu saye ta shekarar 2018, a sashe na 120, ta ba mai saye damar soke abin da ya kama tun da wuri, amma mai kasuwa yana iya cire kuɗin sokewa gwargwadon abin da hankali zai ɗauka. Dokar ta faɗi abin da ake dubawa: irin hidimar, tsawon sanarwar da aka bayar, yiwuwar mai kasuwa ya sami wani mai saye a tsakani idan ya yi ƙoƙari, da kuma al'adar masu wannan sana'a. A 2022 wata babbar kotu a Enugu ta dogara da wannan doka ta yanke wa wani kamfanin motocin haya hukunci cewa tsarinsa na ƙin mayar da kuɗi ya saɓa doka. To amma wa ke son ya gama hidimar biki ya shiga zaryar kotu? Amfanin sanin dokar shi ne ka zauna gaban manaja da ƙarfin gwiwa ka ce a rubuta ma'aunin tun yanzu.

Ga Musulmi akwai wata fuska da ba za a tsallake ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi mai ajali a kuma kafa shaidu, don haka wanda ya nemi a rubuta bai zo da baƙon abu ba, kuma bai tuhumi kowa ba. Game da kuɗin da ake ajiyewa ya ɓace idan an fasa, wanda malaman fiƙihu ke kira urbun, an yi saɓani. Mazhabar Malikiyya, wadda akasarinmu muke bi, tare da mafi yawan malamai, ba ta halatta a ƙulla ciniki ko haya a kan sharaɗin cewa mai kaya zai riƙe kuɗin idan an fasa ba. Hanbaliyya ta halatta, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na 1993 ta amince da shi idan an ƙayyade lokacin jira. A ɗaya gefen kuma, haya ƙulli ne mai ɗaure ɓangarorin biyu, ba abin da mai biki zai warware duk lokacin da ya ga dama ba ne. Wanda abin ya dame shi ya kai takardar wurin malaminsa kafin sa hannu. Abin da na lura da shi shi ne, tsarin da ya ɗaura abin da mai ɗaki zai riƙe a kan asarar da ya yi a zahiri ya fi kusa da kwanciyar hankalin kowa, ta fuskar addini da ta doka.

Bari mu bi misali ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Alƙaluman nawa ne, na sa su don a ga yadda lissafin ke tafiya, ba farashin wani wuri ba ne. Iyali sun kama ɗaki don dinar 'yarsu, saura wata uku, a kan naira 1,200,000. Maimakon su biya rabi a tsaye su tafi, sai aka raba biyan gida uku a takarda: naira 400,000 ranar sa hannu, naira 500,000 idan ya rage kwana 30, sauran naira 300,000 idan ya rage mako guda. Aka rubuta a fili cewa duk abin da aka biya ɓangare ne na kuɗin haya, kuma da zarar kashin farko ya shiga, ranar ta zama tasu, mai ɗaki ba zai ba wani ba ko an ƙara masa kuɗi.

Sai aka zo kan fasawa, aka yi mata matakala. Idan masu biki suka janye saura fiye da kwana 60, mai ɗaki ya riƙe naira 60,000 na wahalarsa ya mayar da sauran. Idan tsakanin kwana 60 da 30 ne, ya riƙe naira 200,000. Idan ƙasa da kwana 30 ne, ya riƙe naira 400,000. Idan a makon ƙarshe ne, ya riƙe rabin kuɗin haya gaba ɗaya, wato naira 600,000. Dalilin hauhawar a bayyane yake: ɗakin taro rana yake sayarwa, kuma Asabar ɗin da ta wuce ba ta dawowa. Duk yadda ranar ta matso, haka samun wani mai biki yake ƙara wuya. Mai ɗaki yana da haƙƙi na gaske a nan, kuma mai bikin da ya nuna ya gane haka ya fi saurin samun yardarsa a kan sauran sharuɗɗa.

Layin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne na ƙarƙashin matakalar: idan mai ɗaki ya sami wanda ya ɗauki ranar a farashi ɗaya ko fiye, to bai yi asara ba, zai mayar da komai ban da naira 60,000. Aka kuma rubuta cewa masu biki suna da damar kawo wani ya gaji ranar, muddin taron nasa irin wanda ɗakin ke karɓa ne.

Yanzu a ce saura kwana 20 aka yi rasuwa a gidan ango, aka ɗaga biki ba tare da sa rana ba. Iyalin sun riga sun biya naira 900,000. Da rasit mai layi uku kaɗai ke hannunsu, da manaja ya nuna musu ƙananan haruffan nan ya ce sai dai haƙuri, ko ya ce su dawo duk ranar da suka shirya, a kan farashin wannan lokacin. Da takarda a hannu kuwa, lissafi ne kawai: naira 500,000 za ta dawo, naira 400,000 ta tsaya. Da yake lokacin cunkoso ne, kafin mako ya zagayo wani ya ɗauki Asabar ɗin, sai ƙarin naira 340,000 ta biyo baya. Asarar iyalin ta tsaya a naira 60,000, mai ɗaki kuma ya karɓi cikakken kuɗin haya daga sabon mai biki. Babu wanda ya ɗaga murya a gidan makoki.

Abu ɗaya da ake yawan mantawa shi ne wa'adin mayarwa. "Za mu mayar" ba tare da rana ba tana iya cin wata shida, kullum a ce Alhaji ya yi tafiya ko akanta bai zo ba. A rubuta: cikin kwana 14 daga ranar sanarwa, zuwa asusun da kuɗin ya fito. A kuma faɗi yadda sanarwar za ta kasance, misali saƙon waya a rubuce zuwa lambar da ke cikin takardar, don kada a zo ana musun ranar da aka faɗa. A matakala irin wannan, bambancin kwana ɗaya yana iya zama bambancin naira 200,000.

Ɗagawa ba fasawa ba ce, kuma a ƙasar Hausa ɗagawar ta fi yawa. Kayan ɗaki ba su kammala ba, uban amarya bai dawo daga tafiya ba, jarrabawar amarya ta faɗo a makon. Ya kamata takarda ta ba da damar ɗaga rana sau ɗaya ba tare da tara ba idan an sanar saura kwana 30 ko fiye, zuwa duk ranar da ɗakin ba kowa cikin wata shida, a kan tsohon farashi. Wannan gaɓar ta farashi ita ce za a fi ja a kanta, domin mai ɗaki zai ce man janareta ba ya tsayawa wuri ɗaya, kuma gaskiya ya faɗa. Ana iya sulhu a ce tsohon farashi na nan har wata uku, bayan haka a ƙara abin da bai wuce kashi goma cikin ɗari ba.

Idan mai ɗaki ne ya saɓa

Takardun da masu ɗakin taro suke bugawa da kansu kusan ba sa taɓa wannan ɓangare. Suna da dogon bayani a kan abin da zai sami mai biki idan ya janye, amma shiru a kan abin da zai sami mai ɗaki idan shi ya janye. Kuma yana faruwa. Wani lokaci kuskure ne, ma'aikata biyu sun rubuta mutum biyu a rana ɗaya. Wani lokaci kuwa taron siyasa ne ko na wata ma'aikata ya zo da kuɗi ninki biyu, sai a kira mai biki saura kwana goma a ce, "Ranka ya daɗe, an sami 'yar matsala, amma za mu mayar maka da kuɗinka cas."

Mayar da kuɗi cas ba ya gyara wannan ɓarna. An buga kati da sunan wurin, an aika wa dangi na Jos da Maraɗi, mai ado ta auna ɗakin ta yanka yadinta a kansa. Duk ɗakin da za a samu cikin kwana goma a lokacin cunkoso zai fi tsada, idan ma an samu. Saboda haka a rubuta cewa idan mai ɗaki ya kasa ba da ɗakin a ranar, zai mayar da duk abin da aka biya cikin kwana bakwai, sannan ya biya bambancin kuɗin wani ɗaki mai kama da nasa, har zuwa wani iyaka da aka amince, a misalinmu a ce naira 300,000. Yadda manaja ya karɓi wannan layi zai gaya maka abubuwa da yawa. Wanda ba shi da niyyar sayar da ranarka sau biyu ba ya jin tsoronsa. Zai iya neman a rage adadin, amma ba zai ce a goge shi ba. Wanda ya dage sai an goge, ni dai ba zan bar kuɗina a hannunsa ba.

A wuraren da ke da ɗaki fiye da ɗaya, a rubuta sunan ɗakin da aka gani da ido, babba ne ko ƙarami, na sama ko na ƙasa. In ba haka ba ana iya wayar gari a ce an mayar da ku wancan, "ai duk ɗaya ne."

Akwai kuma hali na uku, wanda babu laifin kowa. Mun gani da idonmu. A 2020 an rufe wuraren taro saboda annobar korona. A 2019 an ɗaga zaɓen shugaban ƙasa daga 16 ga Fabrairu zuwa 23, 'yan sa'o'i kafin a buɗe rumfuna, a 2023 kuma an ɗaga na gwamnoni daga 11 ga Maris zuwa 18. Duka ranakun Asabar ne, kuma ranar zaɓe ana hana zirga-zirga, don haka wanda ya kauce wa ranar farko ya kama ta mako mai zuwa sai ya tarar zaɓe ya biyo shi. A farkon Agustan 2024 an sa dokar hana fita a Kano lokacin zanga-zanga. Layi biyu sun isa: idan umarnin hukuma, ko gobara, ko ambaliya ya hana taron, mai biki zai zaɓa tsakanin sabuwar rana ba tare da ƙari ba, ko a mayar masa da kuɗinsa a cire abin da mai ɗaki ya riga ya kashe kuma ya nuna shaidarsa.

Me aka saya da kuɗin?

Mai biki yana ganin ya kama ɗaki "ranar Asabar". Mai ɗaki kuwa awoyi ya sayar. Wuri ɗaya kan karɓi walima da safe, kamu da la'asar, dina da dare. Idan ba a rubuta ba, masu adonku za su iso ƙarfe goma na safe su tarar da wani taro a ciki, a ce su jira sai ƙarfe uku, alhali kafa rumfar amarya da jera tebura na cin awa huɗu ko biyar. Lokuta huɗu ake rubutawa: lokacin da masu ado za su shiga, lokacin fara taro, lokacin tashi, da lokacin da za a gama kwashe kaya. Mutanen Kano su duba kalanda, domin Asabar ɗin ƙarshen wata ana tsaftar muhalli da safe, motar kayan ado ba za ta motsa ba sai wajen ƙarfe goma. Tunda kuma an san amarya ba kasafai take isowa a kan lokaci ba, a yanke kuɗin ƙarin awa tun yanzu. Farashin da aka yanke a ofis da rana daban yake da wanda ake yankewa ƙarfe goma sha ɗaya na dare, baƙi na zaune, mai janareta ya ɗora hannu a kan makunni.

Wuta ita ce zuciyar ɗakin taro, kuma nan ne aka fi jin ciwo. "Akwai janareta" ba alkawari ba ne. Abin tambaya shi ne: kuɗin mai yana cikin kuɗin haya ko daban ne? Awa nawa za a kunna? Zai ɗauki na'urorin sanyaya ɗaki duka tare da fitilun masu ado da kayan sauti, ko kuwa sai an kashe rabi? Akwai na biyu idan na farko ya tsaya? Tun da farashin man dizal ya yi tashin gwauron zabo a 2022, wasu wuraren suka koma kunna sanyi bayan baƙi sun cika, su kashe da an fara raba abinci. Ɗakin da ya cika da mutum ɗari biyar a watan Afrilu ba ya yin sanyi cikin minti goma. A rubuta cewa za a kunna sanyi awa ɗaya kafin fara taro har zuwa tashi, kuma masu ado za su sami wutar aiki da rana. A kuma sa abin da za a cire idan wuta ta ɗauke fiye da rabin awa, misali naira 100,000 a kan kowace awa. Hanya mafi sauƙi ta gane gaskiyar wuri ita ce ka je ranar da wani ke taro a ciki, ka tsaya a bayan ɗaki, nesa da na'ura, ka ji da jikinka. Ka leƙa banɗaki a wannan ziyarar, ka buɗe famfo.

Adadin mutane ma yana ruɗi. Ɗakin da ake cewa yana cin mutum dubu, a jeren kujeru ake nufi, kamar na wa'azi ko lacca. Da an sa tebura masu zagaye, an ware wurin amarya da ango da filin tsakiya da hanyar masu raba abinci, adadin yana raguwa sosai, wani lokaci zuwa kusan rabi. A rubuta kujera nawa da tebur nawa mai ɗaki zai bayar, da rigunansu ko babu, da kuɗin kowace ƙarin kujera.

Sai dokokin gida, waɗanda ba a jin labarinsu sai ranar biki. Wasu wuraren ba sa barin a shigo da abinci ko lemo daga waje sai an biya wani kuɗi, wasu suna da masu adonsu da dole a ɗauka, wasu sun hana buga ƙusa ko manna abu a bango. A Kano da sauran jihohin da ke da hukumar Hisba, mai ɗaki yana iya samun ƙa'idojin da aka ɗora masa game da kiɗa da cakuɗuwar maza da mata da lokacin tashi. A tambaye shi, a sa a takarda, a kuma nuna wa ƙawayen amarya da abokan ango tun da wuri, domin su ne ke gayyato mai kiɗa. Masu gadi da masu shara da wurin ajiye motoci, a faɗi ko suna cikin kuɗin. A rufe da jimla ɗaya mai tsare aljihu: babu wani kuɗi da za a nema bayan waɗanda aka lissafa a nan, har da haraji.

Wa ya sa hannu, ina kuɗin ya shiga?

Takarda mai kyau ba ta da amfani idan wanda ya sa hannu ba shi da ikon ɗaure mai wurin. Sau da yawa wanda ake magana da shi dillali ne, ko mai shirya biki, ko wani yaron ofis da ya ba da lambar asusunsa na kansa ya ce, "Turo nan, Hajiya, na kamfani yana da matsala yau." Ranar da ya bar aiki, sabon manaja zai buɗe littafi ya ce bai ga sunanku ba. Kuɗi ya shiga asusun da ke ɗauke da sunan wurin, sunan da ke kan rasit da hatimi. Idan wurin na mutum ɗaya ne kuma asusunsa yake amfani da shi, a rubuta sunan da lambar asusun a cikin yarjejeniyar. Wurin tura kuɗi, a cike gurbin bayani da sunan ɗaki da ranar biki. Idan kuma tsabar kuɗi aka bayar, kada a tashi sai da rasit mai hatimi.

A sa cikakken sunan wanda ya sa hannu da muƙaminsa, shaida ɗaya daga kowane ɓangare, kwafi biyu, kowa ya riƙe nasa, a kuma ɗauki hotonsa a waya. Ba dole sai da lauya ba, ba kuma dole sai da Turanci ba; takardar da aka rubuta da Hausa, kowa ya karanta ya gane, ta fi wadda aka sa wa hannu ba a san abin da ke ciki ba. Idan wurin yana da tasa bugaggiyar takarda, a karanta ta duka, a soke abin da ba a yarda da shi ba, a ƙara na ƙari da biro, ɓangarorin biyu su sa hannu a gefen kowane gyara. Dalilin wannan takatsantsan shi ne, a ƙarƙashin Dokar Shaida ta 2011, idan an mayar da yarjejeniya rubuce, asali kotu ba ta karɓar maganar baki don sauya abin da ke cikinta. "Ai manaja ya ce mini ba komai" ba za ta tsaya gaban layin da ka sa wa hannu ba. Duk alkawarin da aka yi daga baya, a tura shi a saƙon waya a nemi amsa, domin wannan dokar ta yarda da shaidar da ta fito daga na'ura idan an cika sharuɗɗanta. Idan abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye, akwai kuma kotunan ƙananan ƙararrakin kuɗi a jihohi irin su Kano da Legas, inda mutum ke iya tsayawa da kansa ba lauya, kuma abin da za a fara tambayarsa shi ne takarda.

Saura kuɗin ɓarna, wanda ake ajiyewa daban don abin da baƙi za su lalata. A misalinmu a ce naira 100,000 ne. Wannan amana ce a hannun mai ɗaki, ba ya cikin kuɗin haya, don haka a ba shi rasit nasa daban. Yana yawan narkewa ne saboda ba wanda ya duba ɗakin kafin a shiga, sai a ɗora wa biki na yau karayar kujerar makon jiya. A wakilta mutum ɗaya daga dangi, wanda ba shi da wata hidima a ranar, ya zagaya da ma'aikacin wurin kafin masu ado su fara aiki: su ƙirga kujeru da tebura, su ɗauki bidiyon bango da gilasai da labule da banɗaki. Bayan an tashi su sake zagayawa a daren, ba washegari ba, lokacin da wani taron ya riga ya shiga. Takarda ta faɗi kuɗin kujera ɗaya da tebur ɗaya idan sun karye, ta faɗi cewa dattin taro na yau da kullum ba ɓarna ba ne, abin da masu adon da mai ɗaki ya kawo suka lalata kuma ba ya kan mai biki. Abin da ya rage a mayar cikin kwana uku, tare da jerin abin da aka cire da dalilin kowanne.